Shafi 94 na rubuta, sun ce 10 suke so: in tura duka?

Anti, barka da aiki. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi. Na gama digiri a fannin Turanci, na yi bautar ƙasa a wata sakandare, inda aka ba ni riƙon ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai. Yanzu wani kamfanin shirya finafinai a Akra ya sa sanarwa yana neman mai taimaka wa marubutansa. Sun ce a turo takardar neman aiki da samfurin rubutu, kada ya wuce shafi 10. Ni kuwa ina da labarin fim mai shafi 94, rabin maganganun ciki da Hausa, a kan wata uwa mai sayar da shinkafa da wake da ɗan autanta. Takardar da na rubuta ta cika shafi biyu, na ba da labarin yadda na tashi da son fim tun ina yarinya. Ban taɓa zuwa lokeshan ba. In tura musu labarin duka don su ga iyawata? Kuma ina tsoron a sace mini shi.

Ƙanwarki daga Aboabo.

Ƙanwata, kada ki tura duka. Iyakar da suka sa ita ce jarrabawarki ta farko, kuma wanda zai buɗe saƙon zai duba yawan shafi tun kafin ya karanta layi ɗaya. Aikin da kike nema aikin bin umarni ne a kan takarda, to wadda ta tsallake umarnin farko ta riga ta ba da amsa a kan kanta.

Bari in fara gaya miki abin da za ki riƙa yi idan sun ɗauke ki, domin daga nan takardar da samfurin za su samo siffarsu. Mai taimaka wa marubuta ba ta rubuta labarinta. Labarin wasu take tsarewa. Za ki zauna a taron marubuta da furodusa kina ɗaukar bayanin abin da aka yanke, ki fitar da shi a tsabtace kafin a kwana. Za ki riƙe jerin sunayen mutanen cikin labari da shekarunsu da dangantakarsu, ta yadda idan marubuci ya sa wata ta ce mahaifinta ya rasu da azumi a kashi na 3, sannan a kashi na 7 aka ce da babbar salla ne, ke ce za ki ɗaga hannu. Wannan ba shi ne aikin mai kwantiniti ba, wadda ke tsayawa kusa da darakta a lokeshan tana lura da hannun da aka riƙe kofi da shi. Amma a ƙananan kamfanoni na ƙasar nan sau da yawa mutum ɗaya ake jibga wa ayyukan biyu, don haka ki tambaya idan sun kira ki.

Babban nauyin shi ne gyare-gyare. Idan aka kusa fara ɗauka, ana kulle lambobin sin, wato lambar kowace fitowa a labarin, domin mai kayan sawa da mai haske da mai tsara ranakun aiki duk sun riga sun rubuta shirinsu a kan waɗannan lambobin. A ce darakta ya kwana ya tashi ya ce a cire sin na 14, a ƙara sabo bayan na 12. Wadda ba ta san aikin ba za ta goge, ta saka sabon, ta bar na'ura ta sake jera lambobi, washegari a kai kayan sin na 13 wurin da za a ɗauki wani abu dabam. Wadda ta sani za ta bar lamba 14 a wurinta ta rubuta `OMITTED` a gabanta, ta ba sabon sin ɗin lamba `12A`, ta sa tauraro a gefen dama na kowane layin da ya canza, ta rubuta kwanan wata a saman shafin, sannan ta tabbata kowa ya karɓi sabon ya ajiye tsohon. A manyan kamfanoni har launin takarda ake canzawa, a tashi daga fara zuwa shuɗiya, zuwa ruwan hoda, zuwa rawaya, don a gane wanda ke riƙe da tsohon shafi daga nesa. A nan galibi ta waya ake rarraba fayil, wanda ya sa sunan fayil da kwanan wata suka zama su ne launin.

To kin ga irin mutumin da suke nema. Yanzu ki ɗauko takardarki ki karanta ta da idon furodusan da ke da ɗauka mako mai zuwa, marubutansa uku, kowa da kwafinsa dabam. Labarin yadda kika tashi da son fim bai rage masa ciwon kai ko ɗaya ba, kuma kusan duk wanda ya turo takarda da shi ya buɗe. Cire shi gaba ɗaya. Na san shi ne wurin da kika fi sa zuciyarki, amma ki adana shi zuwa ranar da za ku zauna ido da ido, idan sun tambaya.

Abin da ya kamata ya cika takardar yana cikin rabin jimlar da kika wuce da sauri: riƙon ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ki zauna ki tuna abin da hannunki ya yi a can. Wa ya buga wasan a kwamfuta? Da wani yaro ya daina zuwa aka raba maganganunsa ga wasu biyu, wa ya gyara takardun, ya tabbata ba wanda ya zo da tsohon kwafi? Wa ya riƙe littafi a bayan labule yana tuna wa masu mantuwa? Idan ke ce, to kin yi ƙaramin wannan aikin, sai dai ba ki san sunansa ba ne. Shi za ki faɗa, da lambobinsa na gaskiya.

Takardar da Turanci za ki rubuta ta, shafi ɗaya, kuma kada ta cika shafin. Ga yadda zan so ma'anarta ta tafi, ki juya ta da bakinki, ki sa alƙalumanki a inda na sa nawa na misali:

"Ina neman aikin mai taimaka wa marubuta da kuka sanar. Na gama digiri a Turanci, na kammala bautar ƙasa, kuma zan iya fara aiki a farkon wata mai zuwa. Ina da masauki a Akra.

"A shekarar bautar ƙasa na riƙe rubutun wani wasa mai shafi 30 da 'yan wasa 14. An gyara shi sau biyar kafin ranar nuni. Ni na riƙa shigar da gyaran, ina sa wa kowane kwafi kwanan wata, ina karɓe tsofaffin. Ina aiki da manhajar tsara rubutun fim, na kuma san yadda ake kulle lambobin sin. Ina jin Hausa da Tonanci da Turanci, ina iya rubuta magana da fassararta a cikinsu.

"Na haɗo shafi shida daga wani labarin fim da na rubuta, da shafi ɗaya na fassara. Ban taɓa aiki a lokeshan ba. Idan kuna so, ku ba ni wasu shafuka da jerin gyare-gyare ku ga yadda zan mayar da su."

Ki lura da abu uku a ciki. Maganar masauki ba ƙawa ba ce. Wanda ya ga adireshin Kumasi, tambayar farko da za ta zo masa ita ce yaya za ki iso taron ƙarfe takwas na safe daga garin da ke nisan kilomita wajen 250. Idan kina da gwaggo a Nima ko Madina ko Fadama wadda ta yarda ki sauka, faɗi kina da wurin zama. Idan ba ki da shi tukuna, nemo kafin ki rubuta, kada ki rubuta abin da babu. Na biyu, rashin zuwa lokeshan jimla ɗaya ya samu, ba tare da ban haƙuri ba, kuma nan take aka bi shi da tayin gwaji. Na uku, duk abin da kika ce kin iya, ki tabbata za ki iya nuna shi a gabansu cikin minti goma. Idan Tonancinki, wato yaren Asante, na cinikin kasuwar Kejetiya ne, ba na rubutu ba, ki ce kina ji kina magana, ki tsaya nan. Idan ba ki taɓa kulle lambobin sin ba, sauko da `Trelby` ko `KIT Scenarist`, waɗanda kyauta ne, ko ki gwada `Celtx` ko `WriterDuet`, ki koyi tsarin da labarinki, ki gwada cire sin da ƙara wani da hannunki kafin ki sa wannan jimlar. Yawancin ƙwararru `Final Draft` suke amfani da shi, amma da tsada, kuma ba wanda zai ƙi ki don ba ki saya ba.

Akwai jimla ɗaya da ban sa ba domin ke kaɗai za ki iya rubuta ta. Ki nemi wani abu da kamfanin ya fitar, ki kalle shi da biro a hannu, ki faɗi abu ɗaya takamaimai da kika lura da shi a rubutun, misali yadda suke rufe kowane kashi a tsakiyar rigima. Kada ki ce su ne kan gaba a Afirka. Kowa ya gaya musu haka, su ma ba su yarda ba.

Za ki yi takara da waɗanda suka fito daga NAFTI, makarantar fim da talabijin da aka kafa a Akra a 1978, da 'yan sashen wasan kwaikwayo na jami'ar Legon. Sun fi ki sanin kyamara, wasunsu kuma malamansu sun san furodusan. Kada ki yi ƙoƙarin nuna kin kai su a nan. Inda za ki iya wuce su shi ne tsabtar rubutu da kunnen harshe, kuma samfurin ne zai nuna wannan.

To samfurin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanko shafi goma na farko. Farkon labari yawanci shimfiɗa ce: gari ya waye, an kira salla, Inna ta ɗora tukunya, an nuna unguwa. Mai karatu zai gama bai ga kin sa mutum biyu sun yi karo ba. Ki nemi wurin da wani ke son abu a wurin wani, ɗayan ya ƙi, kuma kafin a tashi wani abu ya canza tsakaninsu. Ban karanta labarinki ba, amma uwa mai sana'a da ɗan auta, da wuya a rasa daren da ta buɗe gwangwanin kuɗin adashi ta tarar ya yi sauƙi. A ce wannan yana shafi na 31 zuwa na 38. Ki fara daga inda take riƙe da gwangwanin shi kuma ya shigo, ki zubar da sallama da tambayar ko ya ci abinci, sai fa idan da wannan tambayar take jan shi zuwa tarko. Ki tsaya a inda ya faɗi abin da ba zai iya janyewa ba, kada ki bi shi waje. Shafi takwas za su koma biyar ko shida. An ba ki goma, ba a ce sai kin cika ba, kuma shida masu kyau sun fi goma waɗanda huɗu a cikinsu ke jan ƙafa.

A saman shafin farko ki sa layi biyu ko uku da ke gaya wa mai karatu su wane ne waɗannan da abin da ya faru kafin nan. Kada ki ba da labarin fim ɗin duka, kada kuma ki faɗi ƙarshensa.

Siffar shafin ita ma ana duba ta, a wannan aikin ma fiye da na marubuci. Rubutun fim da harafin `Courier` mai girma 12 ake yin sa, kuma ba don gargajiya kawai ba. Da wannan harafin da faɗin gefen da aka saba, shafi ɗaya yana zuwa kusan minti ɗaya a allo, masu tsara ɗauka kuma suna raba shafi kashi takwas su auna tsawon kowane sin da shi don su san abin da zai shiga yini. Wadda ta canza harafi ko ta matse gefe don ta cusa shafi 12 cikin 10 ta lalata ma'aunin, kuma mai ido zai gane da kallo ɗaya. Kowane sin yana buɗewa da layin da ke faɗin ciki ne ko waje, da wurin, da lokacin:

```
INT. INNA'S ROOM, ABOABO - NIGHT

Inna shakes the tin. Too light.

                INNA
            (in Hausa)
      Who came into this room today?
```

Ki duba bayanin abin da ke faruwa a naki shafukan. Masu fitowa daga karatun adabi sukan rubuta abin da ke cikin zuciya, kamar a ce Inna ta tuna wahalar da ta sha tun rasuwar mijinta. Kyamara ba ta ɗaukar tunani. Ki rubuta abin da ido zai gani ko kunne zai ji: ta girgiza gwangwani, ta sake girgizawa, ta ajiye shi a hankali. Duk layin da ba za a iya ɗauka ba, ko ki mayar da shi aiki ko ki cire.

Misalin nan na sama ya amsa maganar Hausa ma. Mai yiwuwa wanda zai karanta ba ya jin Hausa, kuma abin da mutum bai iya karantawa ba ba zai iya yaba shi ba. Don haka a samfurin ki rubuta maganganun da Turanci, ki nuna a ƙarƙashin sunan mai magana cewa da Hausa za a faɗa, ko ki faɗa sau ɗaya a farkon sin cewa duk maganar ciki da Hausa ce. Sai ki ƙara shafi ɗaya a ƙarshe, ki ɗauko layi goma ko goma sha biyu daga sin ɗin, Hausar a hagu, gajeriyar fassara a dama irin wadda ake sawa a ƙasan allo. Wannan shafin ne zai raba ki da sauran. Finafinan ƙasar nan ba su rasa ɗan zango ko mai gadi ko Alhaji a ciki, kuma sau da yawa Hausar da ake sa musu a baki tana sa mu dariya a inda ba a nufi dariya ba. Ki rubuta Hausar da Inna za ta yi a Aboabo, da kalmomin Tonanci da ke faɗowa a ciki, kada ki gyara mata baki ta koma mai karanta labarai a rediyon Kano. Sai dai ki kula da ƙ da ɗ da ɓ: wasu nau'o'in harafin ba su da su, sai su fito kamar akwatuna. Bayan kin mayar da fayil ɗin `PDF`, buɗe shi a wayar wani ki gani da idonki.

Sannan ki bi shafukan layi-layi kina farautar abin da za a ɗauke ki aiki ki farauta. Sunan da ya fito Mariama a shafi na 2 ya koma Maryama a na 5. Sin ɗin da ya fara da dare, sai ga wani yana cewa rana ta yi zafi. Gwangwanin da ke hannunta, sai ga shi a ƙarƙashin gado ba wanda ya mayar. Kuskure ɗaya irin wannan a samfurin mai neman aikin marubuci ana iya yafewa saboda daɗin labari. A samfurin mai neman tsare rubutu, shi ne abin da za a tuna. Ki buga a takarda ki karanta da ƙarfi, ki ba wata ƙawa ta karanta Inna ke ki karanta yaron. Inda harshenta ya sarƙe, layin ne ke da matsala.

Maganar sata. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana, ta 2005, mai lamba 690, tana kare rubutunki tun daga lokacin da kika rubuta shi, ko kin yi rajista ko ba ki yi ba. Rajista a ofishin haƙƙin mallaka hujja ce ta cewa naki ne kuma tun yaushe, idan kina da hali ki yi wa cikakken labarin. Amma ki san iyakar kariyar: doka tana kare rubutun da kika yi, ba ta kare ra'ayin labari. Idan gobe wani ya fitar da fim a kan uwa mai sayar da abinci da ɗanta ya ci kuɗin adashi, da nasa maganganun da nasa tsarin, ba ki da ƙara. Wannan ma dalili ne na tura shafi shida: sun ga hannunki, ba su ga inda labarin ya nufa ba. Ki sa sunanki da shekara a shafin farko, ki ajiye tsofaffin kwafinki da saƙon da kika tura. Kada ki cika shafukan da gargaɗin kai ƙara, kada kuma ki ambaci tsoron sata a takardar, domin ba wanda ke son ɗaukar wadda ta fara zarginsa tun kafin a gaisa. Idan daga baya suka nemi cikakken labarin suka ba ki takarda ki sa hannu, kada ki sa a wurin. Ki tafi da ita gida, ki nemo layin da ke cewa kin ba su mallaka ko izinin amfani, ki nuna wa wanda ya san doka.

Wajen turawa, ta imel ɗin da suka bayar, ba ta lambar wayar wani da aka ce ya san furodusa ba. A kan saƙon ki rubuta `Application: Script Assistant` da sunanki. Takardar ta zauna a jikin saƙon, ki kuma haɗa ta a fayil, domin wasu a waya za su karanta ba za su buɗe komai ba sai sakin layi na farko ya riƙe su. Samfurin fayil ɗaya, da suna irin `Sunanki_Sample.pdf`, ba hoton shafuka da aka ɗauka da waya ba.

Idan kwana goma suka wuce shiru, saƙo ɗaya gajere ya isa, ki tambaya ko ya iso. Idan sun kira ki, ki tambayi ko aikin na albashi ne ko na kowane shiri, wa za ki riƙa kai wa rahoto, da ko akwai ɗaukar dare, domin gara ki san wannan kafin ki zauna da su Baba a yi maganar tafiya Akra. Ganawa a ofis ake yin ta da rana, kuma kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom a hannun mai neman aiki. Ki tafi da kwamfutarki da caji a cike, da manhajar a buɗe, don mai yiwuwa su karɓi tayin da kika yi, su miƙo miki shafi uku da jerin gyara su ce bismilla.